Firizar Yaya Mutaru

Ni Asiyatu mai busasshen kifi ta zangon Salaga, kowa ya san bakina ba ya da birki. Amma akwai safiyar da na tsaya a falon yayana a Bawku, bakin nan ya mutu murus, kuma ɗiyata Zaliha ce ta yi maganar.

Ubanta Wahabu ciwon hanta ne ya kashe shi. Idanunsa suka koma ɗorawa, cikinsa ya kumbura, Zaliha tana 'yar shekara goma sha biyu ita ke riƙe masa kofin koko. Don haka da ta samu makarantar koyon aikin nas a Bawku, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a can, takardar makaranta ta zo da batun rigakafi, ban yi wasa ba. Ta sanƙarau da ta zazzaɓin shawara da ta tetanas duk an yi mata. Ta tarin fuka kuwa suka duba kafaɗarta suka ga tabon lambar jarirantaka. Saura ta ciwon hanta. Sai da aka ɗebi jininta aka tabbatar ba ta ɗauki cutar ubanta ba. Ranar na yi kuka, na raba ƙosai sadaka.

Wannan allura uku ce: ta fari, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farin. Malamarsu Sista Abugri kuma ta kafa doka, ɗalibin da bai cika ukun ba ba zai taɓa majinyaci ba, domin a ɗakin jinya allurar da aka yi wa wani tana iya soke ka, jinin wani yana iya shiga ciwon hannunka. A lokacin ba a kowane asibiti ake samunta ba. Daga Tamale muka sa aka kawo 'yan kwalabe uku, wata nas ta ajiye mana a firijin asibitin Salaga, ta yi mata ta farko. Ta biyu ni na kai mata Yendi, inda take zaune wajen gwaggonta kafin a buɗe makaranta. Nas ɗin nan ta koya mini ɗauka: ƙanƙara a ƙasan filas, tsumma a kai, sannan kwalba. Sanyi take so, amma kada ta taɓa ƙanƙara.

Ta uku ta faɗo ana gab da shigar da 'yan ajinsu asibiti su fara aikin jinya ranar Litinin. Na ɗaura ɗankwalina mai tsada, na rungumi filas, na hau lori. A Yendi na kwana na sake ƙanƙara, washegari muka bi ta Gushegu da Nakpanduri da Garu. Wani ɗan kamasho ya ce in kawo filas a ɗora saman kaya.

"A ɗora kanka dai," na ce masa. "Ka san abin da ke ciki?"

Ranar Juma'a da la'asar na sauka gidan Yaya Mutaru. Dillalin shanu ne, daga Burkina har Togo an san shi, kuma tun rasuwar Wahabu shi ne uban Zaliha. Mutum ne mai hannu a sake, amma ba a ce masa a'a. Ko ni da bakina, in ya yi gyaran murya sai in nemi kujera. Zaliha kuwa bai taɓa kiran sunanta ba, 'Yar Kifi yake ce mata, wai ko ta yi wanka da turare ƙaurin kifina yana binta.

A shekarar ya sayi firiza, irin doguwar nan mai murfi a sama. A falo ya ajiye ta, an shimfiɗa mata leshi, baƙo bai isa ya tafi ba a buɗe masa ya leƙa ba. Na miƙa masa filas na ce, "Yaya, a sa mini wannan wuri mai sanyi, amma kada ta taɓa ƙanƙara." Ya ce, "Asiyatu, kin iso gidan sanyi. Je ki huta." Na san akwai ƙaramin firiji a ɗakin matarsa, na ɗauka can zai sa. Gajiya ta kwashe ni.

Washegari da hantsi Zaliha ta zo daga makaranta don mu tafi a yi mata. Ta durƙusa ta gaida kawunta. Ya miƙe da kansa, ya yaye leshi, ya ɗaga murfin firiza, hayaƙin sanyi ya taso. Ya ciro kwalbar naɗe cikin sabon hankici, daga tsakanin cinyar rago da ledojin ruwa.

"Ga ta, 'Yar Kifi. Ba ta taɓa ƙanƙara ba, na naɗe ta."

Kwalbar ta daskare kamar dutse. Innalillahi! Zaliha ta karɓa, ta juya ta a tafin hannu.

"Kawu," ta ce, "ta lalace."

"Me ya lalace?"

"Allurar. Wannan in ta daskare, ta mutu."

Yaya Mutaru ya yi dariya har da buga cinya. "Ji mini yarinya! Shekara nawa ina kai shanu rigakafi? Da idona na ga allurar cutar bushiya da ta ciwon huhu a ofishin likitan dabbobi, cikin firiza irin wannan suke ajiye su. Ko shanun sun mutu?"

"Gaskiyarka, Kawu. Waɗancan busasshen gari ne, sai za a yi ake zuba musu ruwa, sanyi ba ya cin su. Wannan ruwa ce tun asali. In ta daskare sai ta tsinke, kamar madarar da ta kwana."

Ya fizge kwalbar ya matse ta a hannu har ta narke. Ya ɗaga ta ga haske. Wallahi ni dai ban ga bambanci ba, fari-fari take kamar yadda na ɗauko ta.

"To ga ta nan ta dawo. Wa ya gani? Daga ni sai uwarki. Ki kai a yi miki, a buga hatimi a katinki, Litinin ki shiga da 'yan'uwanki. Na riga na gaya wa duk kasuwar shanu. Na sa a yanka rago."

Nan zuciyata ta rabu biyu. Ina son in ga ɗiyata cikin farar hula ranar Litinin, na sha hanya don haka. Ina kuma jin tsoron fuskar Yaya, don ta fara haɗewa.

Zaliha ta ce ya ba ta. Ta girgiza kwalbar sosai, ta ajiye a kan murfin firizar, ta ce mu duba. Ba a jima ba sai ga wasu 'yan gudaji-gudaji suna sauka ƙasa, saman ya washe kamar ruwan randa.

"Mai kyau ba ta yin haka da wuri, Kawu. Takan daɗe da farinta."

"Sistar taku za ta tsaya kallon wannan?"

"Wataƙila ba za ta lura ba." Har yanzu a durƙushe take, kanta a ƙasa. "Amma Kawu, in allurar majinyaci ta soke ni, ba katin za ta soka ba, yatsana za ta soka. Ni na riƙe wa Baba kofi. Na ga yadda abin yake."

Yaya ya juya baya ya shige ɗaki.

Ni da ita muka tafi makaranta. Da bakinta ta gaya wa Sista Abugri, ta miƙa mata kwalbar. Sistar ta girgiza, ta ajiye, ta duba, ta ce Litinin babu Zaliha. Na ce wayyo, sai an sake daga ta farko ke nan, wata shida? Ta ce a'a, biyun farko suna nan daram, jinkiri ba ya rushe su. A kawo ta uku mai kyau kawai. Sai dai babu ita a Bawku a lokacin.

Ranar Litinin na tsaya bakin shingen asibiti ina kallon 'yan ajinsu suna shiga layi-layi, huluna fes. Zaliha tana gefena da kayan gida. Ba ta yi kuka ba, ni na yi mata. Haushi ya cika ni paa, na shirya wa Yaya maganganun da tun muna yara nake tara masa. Na koma gida na tarar ba ya nan. Matarsa ta ce tun asuba ya fita, ranar kasuwar shanu guda, ya bar wa yaransa ciniki. Filas ɗina ma babu.

Talata da azahar aka aiko wai mu zo asibiti. Muka sami Yaya a kan bencin majinyata, babbar rigarsa ta yi jawur da ƙasar hanya, filas a cinya ya riƙe da hannu biyu. Garin Bolga ya fara zuwa neman allurar bai samu ba, ya wuce Tamale. Daga tasha ko gida bai biya ba.

"Ba na son in wuce kusa da waccan aba da ita," ya ce mini, bai dube ni ba. Firizarsa fa yake nufi!

Sista Abugri ta fito ta miƙo hannu. Yaya ya girgiza kai. Ya buɗe filas, ya ɗaga tsumman da ke kan ƙanƙara, ya ciro kwalbar da yatsu biyu, ya miƙa wa Zaliha.

"Nas," ya ce, "duba mana tukuna."

Na waiga in ga wace nas yake kira. Zaliha ma ta waiga. Sannan ta karɓa, ta girgiza, ta ajiye a kan benci. Mu huɗu muka sunkuya muna kallo, har da Sistar. Ta tsaya da farinta, ba gudaji ko ɗaya.

"Lafiyarta lau, Kawu."

A dantse aka yi mata, a gabanmu. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai ya kawar da kai lokacin da allurar ta shiga.

Washegari ta sa farar hularta ta shiga ɗakin jinya ita kaɗai, ba layi, ba kowa a bayanta. Ni da Yaya muna bakin shinge. Wani mai sayar da rake ya tambaye shi ko 'yarsa ce ta makara haka.

"Ɗiyata ce," in ji Yaya, da ƙarfi yadda har masu gadi suka juyo. "Ka gan ta nan? Duk Bawku ita kaɗai ta taɓa ce mini a'a."

Na ce a raina, Wahabu, da ma kana nan ka ji. Daga nan na yi guɗa, a ƙofar asibiti, wanda zai hana ni ya zo.