Ƙ ba daga Larabci ta zo ba

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da ilimin furuci a sashen Hausa, ban taɓa samun ɗaliba kamar Iyanuoluwa ba. Iyanu muke ce mata. A Azare aka haife ta, uwarta Mama Iyabo tana sayar da robobi a kasuwa. Hausarta ta Katagum ce tsantsa, in ka ji ta a bayan labule ba za ka ce Bayarabiya ba ce.

Ni ne mai duba kundinta na digiri na biyu. Ta yi wata bakwai tana hawa acaɓa zuwa Chinade da Yana da Gadau, tana ɗaukar muryar tsofaffin da Hausa ba ita suka fara ji a gida ba. Abin da ta samo mai tsabta ne. Fulani ba sa tuntuɓe a ɓ da ɗ, don Fulatanci yana da su, amma da yawa ƙ takan koma musu k. Barebari kuwa duka ukun sukan kuɓuce musu, don harshensu ba shi da ko ɗaya. A babi na uku ta yi bayanin dalili, kuma babin nan ne ya jawo mana abin da ya jawo.

Shugaban kwamitin jarrabawa Farfesa ne na sashenmu, masanin rubutattun waƙoƙi, wanda takardun ƙarin girmana suke kan teburinsa a lokacin. A wani ɗan littafi da ya wallafa da daɗewa ya ce ƙ ta shigo Hausa ne daga ƙaf ta Larabci. Ba wanda ya taɓa tanka masa. Ni ma na karanta babin Iyanu, na ga ta saɓa masa, na ce a raina ba zai kai shafin ba.

Ya kai. Ranar kare kundi, da hantsi, mu biyar ban da ita a ɗakin taro, ya buɗe shafin ya ɗora yatsa.

"'Yata, kin ce ƙ ba daga Larabci ta zo ba?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To da wane harafi kakanninmu suka rubuta ta a Ajami?"

"Da ƙaf, ranka ya daɗe. Harafin suka ara, don shi ya fi kusa. Sautin kuwa daban ne. Ƙaf da iskar huhu ake yin ta, can baya wajen beli. Ƙ a hanɗa ake yin ta, gaba da beli kaɗan, kuma huhu ba ya cikin aikin. Maƙwallato, ƙofar iskar da ke cikin maƙoshi, shi ne yake rufewa, bayan harshe ya toshe hanya, sai maƙoshi ya yunƙuro sama ya matse 'yar iskar da ke tsakani. Da an saki harshe sai ta fashe waje. Shi ya sa ake ce mata tunzuɗau. Ts ma haka take."

Ta ɗora yatsa biyu a wuyanta ta ce ƙa, ƙa. Daga inda nake zaune na ga maƙoshinta yana tsalle sama.

"In ka riƙe numfashi, ranka ya daɗe, za ka iya fitar da ƙ sau da yawa. Ɓ da ɗ kuma akasin haka ne. Maƙoshi ƙasa yake yi, wuri ya ƙara faɗi a baki, iska ta nemi komawa ciki. Su ne haɗiyau."

Malama Dijatu, wadda take rubuta bayanin zaman, ta kai hannu wuyanta ba ta sani ba, ta gwada a hankali. Farfesa ya gan ta. Ina jin a nan ne al'amarin ya ɓaci.

"To in ba Larabawa ba, wa ya ba mu?" in ji shi.

"Ba sai an ba mu ba, ranka ya daɗe. Akwai ƙ a kalmomin da ba su da alaƙa da Larabci, kamar ƙasa da ƙashi da ƙafa. Haɗiyau sun cika harsunan Cadi, dangin Hausa, irin su Badanci da Karekare na nan kusa da mu. Suna da yawa a dangin Neja-Kongo, akwai su har a harshen Sindi da na Biyetnam. Tunzuɗau kuwa sun fi yawa a harsunan duwatsun Kafkas da na 'yan asalin Amurka da na Habasha, kamar Amharanci da Oromo. A harsunan Cadi ba su da yawa, Hausa tana cikin kaɗan masu su. Larabcin da muke karantawa kuma ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun."

Ba ta ɗaga murya ba, kanta ma a sunkuye yake. Farfesa ya cire tabarau ya yi murmushi.

"Menene sunan naki ma? Iyanu me?"

Ta faɗa masa.

"Allah mai iko. Yau 'yar mai robobi ce za ta koya mini inda ƙ take fitowa a bakin ubana." Biyu daga cikin 'yan kwamitin suka yi dariya. Sai ya juyo gare ni. "Malam Zayyad, kai ka duba aikin nan. Ka yarda da wannan babin?"

Iyanu ta ɗago ta dube ni. Ni na koya mata riƙe numfashin nan tun tana aji biyu. Ni na kama hannunta da alli na zana mata maƙwallato a allo. Ba wata kalma a babin da ban sa hannu a kanta ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wuraren da suke bukatar a sake dubawa."

Shi ke nan abin da na faɗa. Aka yanke cewa ta cire babi na uku, ta sake rubuta shi bisa abin da magabata suka tabbatar, ta dawo bayan wata shida. Ta tattara takardunta, ta durƙusa ta yi wa kowa godiya har da ni, ta fita.

Bayan mako uku ba ta zo ofis ba, sai na bi ta kasuwa. Na same ta tana jera bokitai a gaban rumfar uwarta. Mama Iyabo ta miƙe da murna ta ba ni kujera, ta aika a sayo mini ruwan sanyi. Ashe Iyanu ba ta gaya mata komai ba.

Na ce, "Iyanu, ki rubuta masa abin da yake so. Shafi goma ne kawai. In kin karɓi takardarki, ki wallafa gaskiyar a duk inda kika ga dama."

"Malam, in na rubuta, kai ne za ka sa hannu a ƙasa?"

"Ni ne."

"Kuma ka san ba haka ba ne."

"Na sani. Amma zaman duniya..."

"Da a ce ba ka sani ba, Malam, da abin bai yi mini ciwo ba. Shi Farfesa ai waƙa ya karanta."

Wata mata ta zo tana taya baho. Iyanu ta ce mini in yi haƙuri, ta juya suka shiga ciniki. Na zauna har na shanye ruwan, na yi wa Mama Iyabo sallama. Ta raka ni bakin layi tana sa mini albarka saboda ɗawainiyar da nake yi da 'yarta.

Wata shidan ya cika ba ta kawo komai ba, aka soke rajistarta. A wannan zangon takardar ƙarin girmana ta fito. Daga baya na ji ta sami aikin koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a Fatakwal, ta bar Hausa gaba ɗaya. Na tura mata saƙo sau biyu ina tambayar muryoyin tsofaffin nan da ta ɗauka, don huɗu daga cikinsu sun riga sun rasu. A na biyun ta amsa. Ta ce wayar da suke ciki ta lalace, kuma tana gaida iyali.