Baturiyar Waya da Waƙar Maccido

Shekara sha tara Labbo yana jan mota tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi, ya san kowane rami kamar ɗan gidansu. Amma Nazifa, wadda ta yi shatarsa ya kai kakarta Gwaggo Turai gida Katuru, ta kafe sai an kunna taswira a wayar tsohuwar. Tana so ta riƙa ganin tafiyarsu daga Gusau, don hanyar nan ba a tsayawa, ba a kuma wasa da ita.

A wayar nan kuma Nazifa ta lalubo wata tsohuwar waƙar noma a intanet. Can wajen ƙarshe makaɗin ya ambaci Maccido, mijin Gwaggo, wanda ya rasu shekara ashirin da suka wuce. A Katuru sabis sai an hau tudu, kuma Nazifa ba ta sauke waƙar ba. In Gwaggo ba ta ji sunan a hanya ba, sai wani jiƙon.

Labbo ya haɗa wayar da rediyon mota ta bulutut, wato ta iska ba igiya, ganga ta ɗauka. Makaɗin na ƙoƙarin buɗe baki sai kiɗan ya nutse, wata mata ta cika motar da Turanci.

"Wa ka magana?" in ji Gwaggo.

"Ta taswira ce, Gwaggo. Ta ce mu miƙe."

"To, da ina za mu? Sannu, ɗiyata, mun gode."

Labbo ya kai yatsa zai danna alamar lasifika ya kashe muryar, abin da bai fi ƙiftawar ido ba. Gwaggo ta make masa hannu.

"Baƙuwa ce, Nazifa ta haɗo mu da ita. Gidanku haka aka yi, a toshe ma baƙo baki?"

Haka aka tafi. Sai makaɗi ya yi nisa cikin kirarin manoman Zurmi, baiwar Allah ta tsoma baki ta sanar da mararrabar da Labbo ya sani tun ba a ƙera ta ba. Da ya kauce wa wani guntun titi da ruwa ya cinye, sai ta haukace, wai ya juya, ya juya, ya juya. Gwaggo kuwa bayanta ta goya, ta ce yarinyar ta fi shi hankali.

Ya zaro igiya daga aljihun gaban mota ya soka wa wayar, ko bulutut ne mai laifi. Ina! Muddin waƙa da taswira na waya ɗaya, in baturiyar ta yi magana dole kiɗa ya rusuna mata, ta igiya ko ta iska.

Sun wuce Moriki makaɗin ya ɗaga murya: "Ina manomin Katuru, mai..." Daidai nan matar ta ce a ci gaba da tafiya kilomita kaza. Kafin ta rufe baki an wuce Maccido, an shiga yabon wani mai shanu. Labbo ya ja waƙar baya, sabis ya yi rauni, wani ɗan zobe ya hau juyi a fuskar waya. Gwaggo ta gyara mayafi ta juya wajen taga. Tausayinta ya kama Labbo sosai.

"Gwaggo," ya ce, "ni kam kunya nika ji. Mun cusa baƙuwa cikin rediyo tare da makaɗa maza. Ba a ba ta wurin zama nata ba?"

Gwaggo ta zaro ido. "Sai yanzu ka hwaɗi? Maza hidda ta!"

Ya cire igiyar, ya kashe bulutut ɗin wayar Gwaggo. Ita da kanta ta kwantar da wayar a kujerar baya kan ɗankwali, ta ajiye mata ɓarin goro a gefe. Da sabis ya dawo, Labbo ya nemo waƙar a tasa wayar, ya soka igiya. Gwaggo ta ce daga farko za a soma, ba a shiga waƙa ta tsakiya.

Baturiya ta ci gaba da surutunta can baya da 'yar siririyar murya, ganga kuwa ko gezau. A bakin Shinkafi makaɗin ya iso wurin: manomin Katuru, mai dame ɗari uku, Maccido na Turai mai tuwon gayya.

Gwaggo ta dafe ƙirji. Ba ta taɓa sanin da ita a ciki ba. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

Daga baya matar ta ce a karya hagu. Gwaggo ta waiwaya.

"Kin jiya, ɗiyata? Ni ce Turan." Sannan ta taɓa kafaɗar Labbo. "Kada ka bi ta tata. Zagaya garin, ka maido kiɗan baya."