Wasiƙar Neman Wata Huɗu a Kwatas

Ranar da Harira ta fita daga takaba, abin da ta fara dubawa takardar da ke ƙarƙashin filonta ce. Tun cikin watan Janairu aka kawo ta daga ma'aikatar da mijinta Mamman ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa mota. Takardar ta ce su tashi daga gidan kwatas ɗin da suke ciki a Kurmin Mashi kafin ƙarshen watan Maris, tunda mai gidan ya rasu.

Harira ba ta ce gidan nata ne ba. Ta san na gwamnati ne. Damuwarta ɗaya, autarta Ilham tana ajin ƙarshe a sakandare, jarrabawa kuma sai ƙarshen Yuli za a gama. Makarantar ga ta nan, da ƙafa ake zuwa. In suka tashi yanzu, babu wurin da ya rage musu sai gidan ƙanwarta a can ƙarshen Rigasa, ɗaki ɗaya da yara shida. Wata huɗu kawai take so a ƙara mata.

Da yake tana cikin takaba lokacin, Yaya Datti, wan mijinta, shi ya ce ta bar masa maganar. A dangin nan shi ake kira in za a cika fom ko a karanta takardar asibiti. Ya kwana biyu yana rubutu, ya kawo mata shafi uku da Turanci ta sa hannu, ya kai da kansa. Shiru. Har aka shiga Maris shiru.

Sai ta sa hijabinta ta hau Keke Napep ta tafi ma'aikatar. Aka nuna mata ɗakin rajista, inda ake karɓar wasiƙu. Wani magidanci mai tabarau ya buɗe babban littafi, ya bi da yatsa har ya samu.

"Ta shigo, Hajiya. An tura ta sashen walwalar ma'aikata."

"Walwala kuma? Ni maganar gida na kawo."

"To ba a ga gida a ciki ba. Oga ya karanta, ya ga kamar neman taimako ne, ya rubuta a kai musu. Su kuma sun ajiye sai kwamitinsu ya zauna."

"Yaushe zai zauna?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Allah masani. In gida kike magana, ki sake rubutowa. Amma ki yi sauri, an riga an fara rabon gidajen da za a tashi."

A hanyar dawowa ƙafafunta suka kai ta ƙofar maƙwabciyarta Rifkatu, wadda kowa ke kira Maman Gidiyon. Ta yi shekara talatin tana sakatariyar manyan ofisoshi kafin ta yi ritaya. Ita ce ta riƙa aiko mata da fate ranakun zaman makoki. Harira ta same ta tana tsinkar rama a baranda.

"Maman Ilham! Kin fito ke nan? Sannu da haƙuri. Zauna, na ga fuskar nan ba daidai ba."

Harira ta miƙa mata kwafin wasiƙar Yaya Datti da takardar tashi. Rifkatu ta goge hannu a zani, ta sa tabarau. Tana karantawa leɓenta na motsi. A shafi na biyu ta yi wani ɗan tari.

"Kin san abin da ke ciki?"

"Ni da na tsaya a aji huɗu? Yaya ya ce ta yi kyau, na sa hannu."

"Bari in mayar miki da Hausa, yadda take, ba ƙari ba ragi." Ta gyara zama. "Zuwa ga mai girma, mai daraja, uban marayu, inuwar talakawa. Ina mai matuƙar ƙanƙan da kai da durƙusawa bisa gwiwoyina, cikin tsananin girmamawa marar iyaka, domin in jawo hankalin ofishinka mai albarka zuwa ga halin da ƙaddara ta jefa mu, sakamakon abin da ba makawa wanda ya auku. Shafin farko ke nan, Maman Ilham."

"Bai ce Mamman ya rasu ba?"

"Bai ce ba tukuna. A shafi na biyu ya yabi gwamnati. A na uku ya ce, muna roƙon duk wani irin agaji da ofishinka ya ga ya dace, a duk lokacin da ya ga ya dace."

Harira ta riƙe haɓa. Dariya ta zo mata, ta kuwa fito, ta farko tun watan Oktoba, har sai da ta toshe baki da gefen hijabi.

"Wallahi ko ni aka kawo wa wannan, buhun shinkafa zan bayar in ce a gaida gida."

"Abin da za su ba ki ke nan, in kwamiti ya zauna," in ji Rifkatu. "Kin ga, mutumin da wasiƙar nan za ta je teburinsa, fayil hamsin ne a gabansa. Layin farko yake dubawa ya ga wa zai tura wa. In bai gane ba, sai ya yi hasashe. Tashi mu shiga ciki."

Ta buɗe tsohuwar kwamfutar ɗanta a kan teburin cin abinci. Ta ce Harira ta faɗi abin da take so da bakinta. Harira ta fara. Ta faɗi yadda ciwon ya soma wa Mamman da kumburin ƙafa, yadda suka yi sati uku a asibiti, yadda ya ce mata ta kula da karatun Ilham, yadda ko ranar Sallah in oga ya kira shi sai ya fita. Rifkatu ba ta katse ta ba, ba ta kuma taɓa kwamfutar ba. Sai da Harira ta gama ta share ido, sannan Rifkatu ta miƙo mata ruwa.

"Wannan duk ni kika faɗa wa, kuma na ji. Amma ba za mu sa a takarda ba. Yadda ta Yaya ta yi yawa da fadanci, wannan za ta yi yawa da kuka. Ofis ba ya son ki durƙusa, ba ya kuma son ki yi masa hira kamar ɗan ɗakinku. Ki tsaya tsaye, ki gaida shi sau ɗaya, ki faɗi abin da ya kawo ki. Yanzu amsa min. Me kike so?"

"A bar mu a gidan."

"Har abada?"

"A'a. Har Ilham ta gama."

"Ba su san Ilham ba. Wace rana?"

Harira ta yi tunani. "Talatin da ɗaya ga Yuli."

"Yauwa. Lambar gida? Lambar fayil ɗin Baban Ilham?"

Lambar fayil tana jikin tsohon katinsa na aiki, wanda Harira ke yawo da shi a jaka. Rifkatu ta buga. Ta sa adireshin Harira da kwanan wata a sama, ta rubuta zuwa ga Babban Sakatare, ta hannun Daraktan Mulki, ta sa kan magana da manyan baƙaƙe. Ko minti ashirin ba a yi ba ta juyo ta karanta mata da Hausa:

"Neman ƙarin lokaci a gida mai lamba goma sha huɗu, kwatas na Kurmin Mashi. Ina nuni ga takardarku ta ranar sha biyu ga Janairu, wadda ta ce mu tashi kafin talatin da ɗaya ga Maris. Ni ce matar marigayi Mamman Ɗahiru, direba a wannan ma'aikata, wanda ya rasu ranar tara ga Oktoba. Ina neman a ƙara mana lokaci zuwa talatin da ɗaya ga Yuli, domin 'yarmu tana rubuta jarrabawar gama sakandare a makarantar da ke kusa da gidan. Zan miƙa makulli a wannan rana. Na haɗa da kwafin takardar shaidar rasuwa, da takardarku, da wasiƙar shugabar makarantar. Na gode."

Wata biyar ana ce wa Harira an yi rashi, an yi haƙuri, abin da ya faru. Yau ta ji sunansa da ranar a jere, a fili. Abin ya soke ta, amma kuma sai ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka.

"A sa shekarunsa na aiki," ta ce. "Ashirin da shida. Wannan ba kuka ba ne."

Rifkatu ta dube ta ta saman tabarau. "Gaskiyarki. Wannan hujja ce." Ta ƙara.

Da la'asar Yaya Datti ya zo gaishe su. Harira ba ta iya ɓoye masa ba, ta miƙa masa sabuwar wasiƙar da hannu biyu. Ya juya bayanta yana neman sauran.

"Shi ke nan? Harira, Babban Sakatare fa! Haka za ki yi masa magana kamar kin aiki yaro kanti? Ko addu'a babu? Wa ya rubuta miki wannan?"

"Maman Gidiyon ce ta buga, Yaya. Maganar tawa ce."

"Za su ce ba ki da tarbiyya. Kawo in gyara, in sa mata ɗan mai."

Tunda ta shigo gidansu tana amarya ba ta taɓa musa masa ba. Ta dubi ƙofar ɗakin da Ilham ke karatu.

"Yaya, taka ta je, sun kuma karɓa da mutunci. Allah ya saka. Wannan ka bar ni in kai ta haka. In ta ƙi, laifina ne."

Ya ajiye takardar a kan tabarma, ya ce to, Allah ya sa a dace, da muryar wanda bai sa rai ba.

Washegari ta biya makaranta ta karɓi wasiƙar shugaba, ta yi kwafin komai biyu kamar yadda Rifkatu ta ce. A rajista mai tabarau ya karanta kan maganar kawai, ya ce, "Sashen gidaje." Ya buga hatimin karɓa a kan duka biyun, ya sa kwanan wata, ya miƙo mata ɗaya.

Kwana tara tana jira. Ta fara ɗaure kwanuka a buhu, don kada ranar ta zo ta same ta a zaune. Rana ta goma, wajen sha ɗaya na safe, wani masinja ya tsaya da babur a ƙofar gida ya ba ta ambulan, ta sa hannu a littafinsa. Ba ta tsaya neman takalmi biyu iri ɗaya ba, ta nufi gidan Rifkatu.

Amsar layi uku ce. An amince su zauna zuwa talatin da ɗaya ga Yuli, ba za a sake ƙarawa ba, ta miƙa makulli ga jami'in gidaje a ranar.

"Sake karantawa," in ji Harira.

Rifkatu ta sake. Harira ta zauna a kan dakalin baranda, ta ce alhamdulillahi a hankali, sau uku. Can ta miƙe.

"Ina za ki kuma? Ga shayi na ɗora."

"Bari in je in kwance buhunan nan kafin yarinyar ta dawo. Tukunyar tuwo ma tana ciki."