Zakaran da Ya Kai Mita Guda

Maitama direba bai taɓa yafe ragon bara ba. Yana Ƙaura Namoda ya saye shi ta waya a hannun Mainasara, dillalin tumaki na Shinkafi, saboda hanya ba ta biyuwa yadda ake so. A hoto rago ne kamar maraƙi. Maitama ya ce a wuce da shi kai tsaye gidan surukinsa a Zurmi. Da aka sauke shi, sai ga ɗan abu da ƙyar ya isa layya. Har yau matan gidan "mai maraƙi" suke kiran Maitama, abin kuma yana ci masa rai.

Bana zauren WhatsApp na masu sayen raguna ya kafa doka: duk hoto sai da ma'auni a ciki. Mainasara ya aro doguwar rular allo ta makaranta, mai mita guda, ya turo hoton wani farin rago da doronsa ya kai kan rular. Nan take Alhaji Hafizu, babban ɗan kasuwar Zurmi, ya ce yana son irinsa ashirin.

Maitama ya buɗa hoton da yatsu biyu, bai kalli ƙaho ba, ƙasa ya duba. Gindin rular yana can jingine da katanga, ƙafafun ragon kuwa suna gaba, kusa da waya, ita kuma wayar an kwantar da ita dab da ƙasa. Abin da ke kusa dole ya cika ido. Daɗi ya kama shi har ya yi dariya shi kaɗai.

Ya je ya aro irin rular, ya jingina ta da bangon gidansa. Ya watsa gero taku biyar gaba da ita, ya kwanta rub da ciki da wayarsa. Zakaran matarsa Zuhura ya zo tsattsaga, Maitama ya ɗauke shi hoto. A hoton, zakara ya kere rula.

Ya tura zaure, ya rubuta: "Zakara mita guda, awon Mainasara. Wa ka so?" Sannan ya tura na biyu, rular tana tsaye a jikin zakaran, waya daidai tsayinsa. Ko rabi bai kai ba.

Zaure ya kaure da dariya. Alhaji Hafizu ya rubuta: "Mainasara, sake ɗauka. Rula ta taɓa kafaɗar ragon ga, ka tsaya daga gefe."

Hoto bai zo ba. Bayan la'asar Alhaji ya janye cinikinsa, wasu uku suka bi shi.

Sai ga kiran Mainasara. "Haba Maitama, ka kashe min kasuwar Sallah! Mi ya hana ka kira ni mu biyu?"

"Bara da kat tozarta ni," in ji Maitama, "gaban surukaina ne, ba mu biyu ba."

Ya kashe wayar, ya ƙara wa zakaran gero.