Aski Na Shida

Da aka buɗe sabon shagon aski a tsallaken titi, tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba. Cikin kwana uku na buga kati: aski biyar, na shida kyauta. Har hatimin da za a riƙa buga wa katin a kowane aski na sa aka yi mini, ina ta jin kaina.

A shagona rabi da rabi muke yi da masu aski. Askin kyauta kuwa babu abin rabawa, kuma ban tsaya na yi tunanin wa zai ɗauki asarar ba. Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ke aski a kujerar bakin taga shekara ashirin. Mutanensa ba sa fashi, don haka katinsu ne ya fara cika, kuma ranar Asabar suke kawo shi, lokacin da masu biya ke jira a benci. Bai taɓa cewa uffan ba, sai dai ya karɓi katin ya jefa a aljihun tebur.

Bayan wata huɗu ƙanwata, wadda ke duba mini lissafi, ta rufe littafin ta harare ni.

"Yaya, a ce kuɗin aski ɗaya naira goma ne, biyar na mai aski, uku na haya da wuta da reza, biyu naka. Aski shida, in duk an biya, ribarka sha biyu. Da ka biya kason na kyautan, biyu kacal za ta rage maka. Ba ka biya ba, shi ya sa kake ganin riba. Daga aljihun Kawu take fitowa."

Kunya ta rufe ni. Ta ce mutanen da nake wa kyautar ma dama can za su zo, sababbi kuwa ba su kai goma ba. Muka zauna muka sake tsari: sai aski goma, kyautar kuma gyaran gemu ce, ranar Talata ko Laraba da kujeru ke zaman banza, kuma shago ne zai biya mai aski kasonsa. Tsoffin katuna za mu cika alkawarinsu.

Da safe na zo wa Kawu da kasonsa na duk askin kyautar da ya yi, a ambulan. Na tarar ya naɗe injinsa a tawul. Ya ajiye mini katuna arba'in da ɗaya, ɗaure da roba.

"Kawu, me ya hana ka faɗa mini?"

"Sai na roƙi ɗan yayata haƙƙina? Na yi wa mutanen tsallake alkawari tun jiya, can zan koma aiki."

Ya karɓi ambulan, ya yi mini addu'a, ya fita.

Ranar Asabar wani tsohon direba, mutumin Kawu, ya shigo da katinsa cike da hatimi biyar. Ya dubi kujerar bakin taga.

"Ina dattijon?"

Na nuna masa tsallake. Na kaɗe kujerar da kaina, na ce yau ai kyauta ne. Ya ajiye katin a kan tebur, ya ce na gode, ya tsallaka titi da kuɗinsa a hannu.