Fuskar Arzika

Jabiru mai ɗakin hoto na bakin kasuwar Malanville ya daɗe yana yi wa matattu ƙarya. Ana kawo masa hoton mamaci ƙarami, dishi-dishi, ya sa a manhajar ƙara girman hoto, ya manna mata umarni guda da ya kwafo da Faransanci: fata mai santsi, fuska kyakkyawa, babu aibi. Tsoho da jariri, duk umarnin ke nan. Har hoton mahaifiyarsa marigayiya da ke rataye bisa teburinsa haka ya yi masa, fuskar tana ƙyalli kamar sabuwar butar roba, yana nuna wa masu shigowa don talla.

Wata Asabar Na'ima ta kawo uwarta Halimatussa'adiya daga Garu bisa babur, su karɓi hoton Arzika, mijin tsohuwar, manomin albasa da ya rasu bara. Hotonsa guda ne a duniya, a tsohuwar salular Na'ima, shi suka ba Jabiru ya ƙara masa girma. Jabiru ya miƙo babban hoton cikin gilashi.

Tsohuwar ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta aje.

"Ɗana, wanga ɗan wa ne?"

"Baba Arzika ne, Inna. Na gyara shi."

"Mi ya lalace gare shi da ka gyara? Ina tabon girarshi? Mutumen da rana ta gasa a fadama, ka maishe shi amarya."

Na'ima ta yi 'yar dariya. Ta ce uwarta tana so ne ta rataye shi inda jikoki za su san kakansu.

Jabiru ya fara cewa haka na'ura ke yi. Ƙarya ce, ya kuma sani. Hoton ƙarami ne, abin da babu a cikinsa manhajar ƙirƙirarsa take yi, kuma umarni ne ke nuna mata abin da za ta ƙirƙiro. Ka ce mata santsi, ta share mutum. Ya jawo wa tsohuwar kujera, ya share umarninsa duka.

"Inna, gaya mini shi. Ni zan rubuta."

Ta fara. Baƙi ne, ba mai sheƙi ba. Goshinsa da layuka masu zurfi. Girar hagu ta rabu biyu, ƙugiyar kifi ce ta tsaga ta tun yana saurayi. Gemu ƙalilan, furfura ta fi yawa.

Jabiru ya riƙa duba ƙaramin hoton, abin da ya ga alamarsa kaɗai yake rubutawa: hoto na gaske na dattijo, baƙar fata da rana ta ci, ramukan fata a bayyane, tamoji a goshi, tabo a girar hagu, furfura, rigar auduga mai zare a fili, hasken rana. A gurbin abin da ba a so ya sa: fata mai santsi, ƙyalli, kwalliya, kamar roba, kamar zane.

"Kuma yana da wushirya," in ji ta.

"Bakinshi rufe yake nan, Inna. In na rubuta, za ta iya buɗe mishi baki da haƙoran wani."

"To bar min ita. Tawa ce."

Ya kashe maɓallin gyaran fuska. Ya rage wa manhajar ikon ƙirƙira, ya ɗaga na riƙe kama, ya ninka girman sau biyu kawai. Fitowar farko tamojin ya yi yawa, fuskar kamar bawon itace.

"Kai! Bai kai nan ba. Yanzu kuma ka maishe shi kakanshi," in ji tsohuwar.

Ya cire kalmar "masu zurfi", ya sake ragewa. Da hoton ya fito, ya buɗe wajen ido da gira sosai, ya jera da na salula. Hoton bai yi tas ba, kunnen dama ma dishi-dishi ya rage. Tsohuwar ta ɗora yatsa bisa gilashin na'urar, daidai tabon, ta bar shi nan.

"Arzika," ta ce a hankali, "ka ga wahalar da ka ba mu?"

Ya buga musu shi a takarda marar sheƙi. Na'ima ta naɗe shi cikin zane, uwar ta rungume shi a ƙirji suka hau babur.

Da suka tafi Jabiru ya ɗaga kai ya dubi mahaifiyarsa. Tana da zane a kumatu, ya tuna sarai, amma a hoton babu. Ya bincike na'urar, ya bincike salularsa, ya kira ƙanwarsa Karimatu a Guéné. Ta tuna masa: ranar da ya buga babban ya goge ƙaramin, ya ce ba shi da sauran amfani.

Hoton robar shi kaɗai ya rage masa na uwarsa. Yana nan rataye bisa teburin, kullum Jabiru yana buɗe shago a ƙarƙashinsa.