Koren Takalmin Baba

Baba ya shigo ofishin da ke bayan shago yana washe baki, wai koren takalminsa ya fi komai kasuwa a shafinsu na intanet. Wannan takalmi shi ya zana shi da hannunsa, kuma duk gidan babu mai ƙaunarsa. Har ya ce wa dillalin fata ya ajiye masa koriya, ta shekara guda, zai tabbatar kafin a tashi aiki.

Auta, ƙaramar 'yarsa mai kula da oda, ba ta yarda da lissafin ba. Idan fatar nan ta shigo, shago ya shiga uku. Ta roƙe shi ya bari ta tsaftace jerin odar da ya sauke daga shafin. Ya ja kujera ya zauna a kanta kamar mai gadi.

Ta fara yin kwafi, ta ajiye na asali. Sai ta ga lokacin da suka koma sabon shafi an haɗa odar tsohon da ta sabon, wasu sun fito sau biyu, lamba ɗaya, kaya ɗaya. Ta cire maimaicin. Baba ya ce ai mutum yana iya son abu sau biyu. Ta tace waɗanda aka soke, ya ce hassada ce.

Can ya dangwala yatsa a allon: ga odar Nuwamba, alhali ana Yuni, mutane har layi suke kamawa! Auta ta danne dariya. Tsohon shafin rana yake fara rubutawa, kwamfutar kuma ta ɗauka wata ne, sha ɗaya ga Maris ta koma uku ga Nuwamba. Ta gyara kowanne bisa inda ya fito, layin Baba ya watse.

Saura wani bawan Allah mai suna Gwaji Gwaji, wanda ya yi ta saye ba ji ba gani. Baba ya ce a nemo shi a ba shi kyauta. Imel ɗin kuwa na mai haɗa musu shafin ne, da yake gwaji da kayan farko da ya gani. Wa ya dage a sa koren a farko? Baba.

Odar koren ɗaya tak ta rage. Adireshin gidan Gwaggo ne, lambar wayar kuma ta Mama.

Baba ya tsura wa lambar ido, har tausayinsa ya kama Auta. Ashe shi ya sa mijin Gwaggo ba ya sa takalmin sai ranar da zai zo gidansu. Ya kira dillali ya ce a bar fatar. A bakin ƙofa ya juyo.

"Auta, jerin nan na farko, mai dattin, kina da shi?"

"Yana nan, Baba."

"Buga min shi. Kuma kada uwarki ta san na sani."